Kada mai fassara ya ɓatar da mutum a bakin ƙofar ofis

Akwai gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin masu fassara takardun hukuma a Kaduna, wato ta yadda za a yi da gajerun sunayen nan na haruffa irin su INEC da NIN da KADGIS idan za a mayar da takarda Hausa. Wasu na ganin duk harafin Turanci da ya rage a cikin takarda gazawar mai fassara ce, kuma cin fuska ne ga harshen. Wasu kuma ba ruwansu, yadda suka tarar da haruffan haka suke kwashe su su zuba, mai karatu ya san yadda zai yi. A ganina duka ɓangarorin biyu sun manta da mutumin da aka yi takardar dominsa. Tambayar da ta kamata mai fassara ya yi wa kansa a kan kowane suna guda ɗaya ce: idan mai karatu ya ajiye takardar nan, me zai yi da wannan sunan? Idan zai neme shi a jikin allon ofis, ko a kan fom, ko a fuskar wayarsa, to haruffan amana ne, ba a taɓa su, sai dai a yi musu bayani. Idan kuwa fahimta kawai ake so ya yi, kuma Hausa tana da sunan da ya zauna a bakin mutane, a ba shi Hausarsa a bar haruffan su tafi.

Faɗar wannan ba wuya, wuyar tana wajen aiki, don haka bari mu ɗauki takarda guda mu bi ta. A ce wata ƙungiya za ta raba tallafin jari ga mata masu ƙananan sana'o'i a Rigasa, ta rubuta sanarwa shafi ɗaya da Turanci, ta ba mai fassara. Sanarwar ta ce kowace mai nema ta zo da NIN ɗinta da BVN ɗinta da lambar NUBAN, ta rubuta LGA ɗinta a fom, kuma za a biya kuɗin ta banki bisa ƙa'idojin CBN. Gajerun sunaye biyar ke nan a layi uku, kuma ba hukunci ɗaya ya hau kansu ba.

Mu fara da biyun farko, domin a nan ne ɓarnar ta fi yawa. NIN ita ce lambar shaidar ɗan ƙasa, wadda hukumar NIMC ke bayarwa. BVN kuma lambar tantance mai asusun banki ce, wadda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a 2014, kuma a banki ake yin ta. Kowace daga cikinsu lambobi 11 ce, kowace sai an ɗauki hoton mutum da zanen yatsunsa kafin a ba shi. To mai fassarar da ya ƙudurta cewa ba zai bar harafin Turanci ba zai rubuta "lambar shaida" a wuri ɗaya, ya rubuta "lambar tantancewa" a ɗayan. A takarda Hausar ta yi kyau, amma matar da ke sayar da awara a bakin layi ba ta da hanyar sanin wacce ce wacce, tunda a wurinta duka biyun shaida ce, duka biyun kuma an tantance ta kafin a ba ta. Ta je wurin mai cike fom, fom ɗin yana da gurabe 11 a nan da gurabe 11 a can, ta karanto lambar da ke rubuce a bayan littafin adashinta, gurbin ya karɓa ba tare da wani ƙorafi ba. Ba za a gane kuskuren ba sai ranar da aka zo duba sunaye a na'ura aka ga lambar ba ta dace da sunanta ba, kuma a lokacin an riga an rufe karɓar fom. Ita dai abin da za ta sani shi ne ba ta ga sunanta ba, ta koma gida tana cewa an yi son kai.

Alamar da mai fassara zai gane cewa ya faɗa wannan rami ita ce ya rufe takardar Turancin, ya miƙa Hausar ga wanda bai taɓa ganin asalin ba, ya ce masa: faɗa mini takardun da za ka ɗauko daga gida. Idan mutumin ya tsaya yana tambaya "wace lambar ke nan, ta banki ko ta katin ɗan ƙasa?" to fassarar ba ta gama aikinta ba.

Amma shi ma wanda ya bar NIN da BVN tsirara bai tsira ba. Gaskiya ne tun da aka tilasta haɗa layin waya da NIN a ƙarshen 2020 sunan ya shiga bakin mutane, sai dai jin suna daban, sanin abin da yake nufi daban. Akwai tsofaffi da yawa da ke kiran duka biyun "lambar nan", kuma jikokinsu ne ke riƙe musu. Abin da ya dace shi ne a haɗa biyun a ambato na farko, bayani a gaba, haruffa a bayansa, sannan a faɗi inda ake samun abin: "lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, wadda ke jikin takardar da hukumar NIMC ta ba ki", sai kuma "lambar BVN, wadda aka yi miki a banki". Daga nan har ƙarshen takardar a tsaya a kan "lambar NIN" da "lambar BVN", kada a canza. Idan mai takardar ya yarda, ana iya ƙara layi biyu da ke nuna yadda mutum zai duba kowace a layin da ya yi rajista da shi, ta farko NIN, ta biyu BVN:

```
*346#
*565*0#
```

Na ce idan mai takardar ya yarda, domin ƙari ne a kan abin da ya rubuta, kuma mai fassara ba shi da hurumin cusa bayani a takardar hukuma ba tare da ya sanar ba.

NUBAN kuwa hukuncinta daban ne. Ita ce lambar asusun banki mai lambobi 10 da kowa ya sani, amma ban taɓa jin wani a Kasuwar Barci ko a Kawo ya ce wa abokin cinikinsa "turo mini NUBAN ɗinka" ba. Abin da ake cewa shi ne lambar akawun, ko lambar asusu. Barin haruffan a sanarwa zai sa mace ta ɗauka akwai wata lamba ta uku da ba ta da ita, ta tafi banki ta bi layi a banza. A nan sai a rubuta "lambar asusunki na banki, mai lambobi 10". Faɗar yawan lambobin kansa taimako ne, domin ya raba ta da waɗancan biyun masu 11. Sharaɗi ɗaya ne: mai fassara ya nemi ganin fom ɗin da za a cike. Idan a fom ɗin an buga NUBAN a saman gurbin, kuma fom ɗin ba za a fassara shi ba, dole sanarwar ta ambaci haruffan sau ɗaya domin mai cikewa ta gane gurbin. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a karɓi aikin fassara sanarwa ba tare da an ga takardun da za su bi bayanta ba.

LGA ba ta buƙatar dogon tunani, ƙaramar hukuma ce, kowa ya san ta, kuma mutumin Rigasa ya san a Igabi yake. CBN ma haka, Babban Bankin Najeriya ya wadatar, domin babu wadda za ta tashi neman ƙofarsa saboda wannan sanarwa. An ambace shi ne don a san kuɗin na bin ƙa'ida. Ka ga a layi uku mun riƙe biyu tare da bayani, mun mayar da biyu Hausa gaba ɗaya, ɗaya kuma mun rataya hukuncinta a kan abin da ke jikin fom.

Inda wannan magana ta fi shafar mu a Kaduna shi ne hukumomin jiha, waɗanda kusan dukkansu da harafi iri ɗaya suke farawa, har kunne ya kasa raba su. Wanda ya sayi fili yana son ya yi gini zai yi hulɗa da aƙalla biyu. KADGIS ce ke riƙe da bayanan filaye, kuma ta hannunta ake neman takardar mallaka, wadda mutane ke kira C of O. KASUPDA kuma ita ce ta tsara birane, a wurinta ake neman izinin gini. Ga kuma KADIRS mai karɓar haraji a gefe. Idan mai fassara ya bi sunan KADGIS kalma bayan kalma, abin da zai fito shi ne wani abu kamar "hukumar bayanan yanayin ƙasa", mai karatu ya ɗauka masu hasashen ruwan sama ne. Idan kuma ya gajarce ya kira duka biyun "hukumar filaye", to ya tura mai neman izinin gini ofishin da ba nasa ba, ya ci kuɗin mota, ya ɓata yini, wataƙila ma ya faɗa hannun 'yan tsakiya da ke jira a bakin ƙofa su ce za su taimaka masa. Bayanin da ke da amfani shi ne wanda ya faɗi aikin hukumar ga wannan mai karatun: "hukumar KADGIS, mai ba da takardar mallakar fili", "hukumar KASUPDA, mai ba da izinin gini". Ba cikakkiyar fassarar sunan ba ce, kuma bai ƙunshi duk ayyukan hukumar ba, amma zai kai mutum inda ya dace.

Kada a raina haruffan don ana ganin mai karatu bai yi boko ba. Mutumin da ajami kaɗai yake karantawa, ko wanda ɗansa ne ya karanta masa takardar, yana iya riƙe ta a hannu ya kwatanta siffar haruffan da abin da ke jikin allo, ko ya nuna wa mai Keke Napep ya ce nan za ka kai ni. Ranar da aka goge haruffan daga takardar an ƙwace masa wannan damar.

Akwai wani ɗan abu na nahawu da yake nuna ko mai fassara ya san abin da yake fassarawa. Gajeren suna a Hausa yana ɗaukar jinsin kalmar da ke ƙarƙashinsa. Muna cewa INEC ta sanar, domin hukuma ce, muna cewa CBN ya sanar, domin banki ne. Wanda bai binciki abin da haruffan ke wakilta ba zai yi ta lilo tsakanin "ya" da "ta" a shafi ɗaya. Sanya kalmar Hausa a gaban haruffan, hukumar kaza, bankin kaza, asusun kaza, yana warware wannan, kuma yana ba mai karatu rabin bayani kyauta. Binciken nan wajibi ne saboda wani dalilin ma, domin haruffa ɗaya na iya zama na gida biyu. NPC a takardar ƙidaya hukumar ƙidayar jama'a ce, wadda ta yi ƙidayar 2006, amma a littafin tarihin siyasar Arewa jam'iyyar Sardauna ce. NCC na iya zama hukumar sadarwa, tana iya zama ta kare haƙƙin mallakar marubuta da mawaƙa. Idan takardar ba ta fayyace ba, a ɗaga waya a tambayi wanda ya rubuta ta, kada a yi canki.

Sai kuma sunayen da titi ya raɗa. Hausawa sun daɗe suna narkar da haruffan Turawa su zama kalmominsu. Tun zamanin mulkin mallaka aka sami En'e da Di'o, kuma babu wanda ke jin su a matsayin baƙi. Nepa ma haka ta zama. An kafa hukumar a 1972, aka sauya ta zuwa PHCN a 2005, aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, amma har gobe idan wuta ta ɗauke a Unguwar Sanusi cewa ake yi Nepa sun ɗauke. Wannan Hausa ce ingantacciya, kuma a wasan kwaikwayo na rediyo ko a hira ba zan hana kowa faɗarta ba. A takardar da ke gaya wa mutum inda zai kai ƙorafin kuɗin wuta kuwa, Nepa ba ta da ofis, ba ta da wanda za a kama da alhaki. Dole a rubuta sunan kamfanin da ke jikin takardar biyan kuɗin, Kaduna Electric, a bayyana shi da "kamfanin rarraba wutar lantarki na Kaduna". Idan ana tsoron tsoho ba zai gane ba, babu laifi a ƙara "wanda aka saba kira Nepa" sau ɗaya. Sunan titi yana iya yin rakiya, amma kada ya zauna a kujerar sunan hukuma.

Sauyin suna yana da wani tarkon. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta tashi daga NHIS ta koma NHIA a 2022. Wanda aka ba rahoton 2019 ya fassara bai kamata ya sabunta sunan da kansa ba, domin zai sa rahoton ya faɗi abin da bai faɗa ba. Ya bar NHIS, ya ƙara "wadda yanzu ake kira NHIA". A takardun kotu da na yarjejeniya ma abin ya fi tsanani, domin a can sunan kamfani ko na hukuma sai ya fito yadda aka yi masa rajista, harafi bayan harafi, bayanin Hausa ya biyo baya.

Na san abin da masu kishin harshe za su ce, kuma ba na ɗaukar maganarsu da wasa, domin kishin nan ni ma ina da shi. Za su ce ai ga Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda har gajeren suna muka yi mata, MDD, kuma ya zauna daram. Ga Tarayyar Afirka, ga Bankin Duniya, ga Hukumar Lafiya ta Duniya. Me zai hana mu yi wa hukumomin gida haka? Amsata ita ce waɗannan sunaye sun zauna ne saboda gidajen rediyo da jaridun Hausa sun shekara da shekaru suna maimaita su har suka zama na kowa, kuma galibin masu jin su ba sa zuwa neman ƙofarsu. Irin waɗannan kam a yi amfani da su ba tare da wani harafin Turanci ba, musamman in takardar za ta tsallaka iyaka, domin ɗan Maraɗi CEDEAO ya sani inda mu muke cewa ECOWAS, kuma OMS yake ji inda muke jin WHO. A nan ma sunan Hausa ne ke haɗa mu, wanda hujja ce babba a hannun masu kishin. Haka sunayen da rabinsu sunan mutum ne, Jami'ar Ahmadu Bello, Asibitin Barau Dikko, babu dalilin barin su da Turanci.

Inda na rabu da su shi ne mai fassara ɗaya ya zauna a ɗakinsa ya ƙirƙiro wa hukuma sabbin haruffa. A ce ya fassara sunan hukumar zaɓe, sannan ya tsinto harafin farko na kowace kalma ya haɗa, ya saka a takardar wayar da kan masu zaɓe. Babu wanda ya taɓa jin sunan, ba ya jikin rumfar zaɓe, ba ya jikin rigar ma'aikaci, kuma gobe wani mai fassarar zai ƙirƙiro nasa daban. A harkar zaɓe ma akwai ƙarin haɗari, domin hukumomin biyu ne: INEC ke shirya zaɓen shugaban ƙasa da na gwamna da na 'yan majalisa, zaɓen ƙananan hukumomi 23 na jihar nan kuwa na hukumar zaɓe ta jiha ne, KADSIECOM. Wanda ya rubuta "hukumar zaɓe" kawai ya bar ƙofar ruɗani a buɗe, kuma a Kaduna mun san abin da ruɗani a kan zaɓe ke iya jawowa.

Laifin ba na masu fassara kaɗai ba ne. Dubi EFCC. Wata kafa ta kira ta hukumar yaƙi da cin hanci da rashawa, wata ta ce mai yaƙi da masu yi wa tattalin arziki zagon ƙasa, wata ta ce ta'annati. ICPC ita ma da hukumar yaƙi da cin hanci ake kiranta. Abin da ke raba su a kunnen mai sauraro haruffan ne kawai, saboda masu sunan ba su tsaya sun ce ga sunanmu da Hausa ba, balle su rubuta shi a allonsu. Wannan shi ne abin da nake nema daga gwamnatin jihar Kaduna, kuma ba aiki ne mai cin kuɗi ba. A tara malaman Hausa na jami'o'in Zariya da Kaduna da tsofaffin ma'aikatan sashen Hausa na gidajen rediyon garin nan, a ba su jerin hukumomin jiha, su fitar wa kowace da sunan Hausa guda ɗaya da bayanin aikinta a layi ɗaya. A buga jerin inda kowane mai fassara zai samu, sannan a rubuta sunan a ƙarƙashin haruffan a allon kowane ofis da saman kowane fom. Jihar tana da harsuna da yawa, kuma duk wanda masu shi suka nemi a yi masa haka ya cancanta, amma Hausa ce aka fi haɗuwa a kanta a kasuwa da tasha, don haka da ita ya fi sauƙi a fara. Idan sunan Hausa ya hau allo, hujjata ta riƙe haruffa za ta ragu da kanta, kuma zan yi murna da hakan.

Kafin a kai can, mai fassara ya riƙa haɗa ɗan jerin kansa tun kafin ya fara aiki: ya tsamo duk gajerun sunayen da ke cikin takardar, ya rubuta abin da kowane ke wakilta, da hukuncin da ya yanke a kansa, ya aika wa mai takardar ya amince. Idan takardar doguwa ce, a maimaita bayanin a farkon kowane babi, domin ba kowa ke farawa daga shafin farko ba. Idan kuma a rediyo za a karanta ta, sai a tuna cewa mai sauraro ba zai iya komawa baya ya duba ba, don haka bayanin ya riƙa dawowa tare da sunan, kuma a rubuta wa mai karantawa yadda ake furta shi a gefe, tunda INEC da NAFDAC a dunƙule ake faɗarsu kamar kalma, BVN da EFCC kuwa harafi-harafi.